Ka tsaya gaban kamara ka yi bayani, ko ka bar hannu da rubutu su yi talla?

Kawuna baduku ne a Tudun Wadan Zariya. Takalman fata na maza yake ɗinkawa, irin masu buɗaɗɗen gaba da ake sawa da kaftani, kuma tun ina makarantar firamare nake ganinsa da basilla a hannu. Da aka zo batun sa kayan a intanet, ni aka miƙa wa waya. Mun yi bidiyon takalmi ɗaya sau biyu, ta hanyoyi biyu, kuma kusan duk mai sayar da kaya da na sani, daga Sabon Gari zuwa Samaru, a tsakanin hanyoyin nan biyu yake kai-kawo. Ta farko ita ce mai kaya ya fuskanci kamara, ya yi sallama, ya ɗaga kayan ya yi bayani kamar yadda zai yi wa wanda ya tsaya a bakin rumfarsa. Ta biyu kuwa ba a ganin fuskar kowa, hannu ne kawai da kaya, sai gajeren rubutu a kan hoton yana faɗin abin da ido ke kallo. Kowace tana da inda take ci, amma ba daidai suke ba, kuma abin da ya raba su yana faruwa ne kafin a ƙirga uku.

Ka fara tunanin wanda zai kalla. Ɗalibi ne a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, ko ma'aikaciya a Shika da ta samu ɗan sarari, ko wani a cikin motar haya daga Kwangila zuwa Kaduna, ko magidanci da dare yara sun yi barci a gefensa. Duk cikinsu babu mai buɗe sauti, sai dai in da iyafis a kunne. Ba ƙin jinka suke yi ba, wurin ne bai ba su dama ba. Akwai ma kasuwannin intanet da suka ɗauki wannan a matsayin ƙa'ida: Etsy, alal misali, ba ya nuna fiye da daƙiƙa 15 na bidiyon kaya, kuma yana cire sautin gaba ɗaya. Facebook kuma, a lissafin da yake nuna wa masu talla, yana da ma'auni na musamman na waɗanda suka kai daƙiƙa 3 suna kallo. Wato su kansu masu dandalin sun san cewa a nan ake tsayawa ko a wuce.

To me mai kallo ya gani a daƙiƙa ukun farko na bidiyonmu na farko? Kawu a tsaye, da hularsa da murmushinsa, baki yana motsi. Da sauti, abin da yake cewa shi ne, "Assalamu alaikum warahmatullah, jama'a barkanmu da warhaka, ina magana da ku daga Tudun Wada, Zariya." Na duba agogon bidiyon, gaisuwar nan ta ci daƙiƙa bakwai, kuma takalmin bai shigo hoto ba sai a ta takwas. Wanda ya kashe sauti bai ji sallama ba, bai ga takalmi ba, dattijo kawai ya gani yana magana da wanda bai sani ba. Zai iya ɗauka wa'azi ne ko siyasa ko neman taimako. Babban yatsansa ba zai jira ya gane ba.

Na ce wa Kawu mu yanke gaisuwar. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, a ina ka taɓa ganin an shiga gidan mutane babu sallama?" Kuma yana da gaskiya. Duk shawarar da za ta ce wa Bahaushe ya faɗa wa mutane da farashi ba gaisuwa, ba za ta zauna masa ba, kuma akwai masu saye da za su ga rashin ta-ido a ciki. Abin da muka gane daga baya shi ne, sallama aikin kunne ce, takalmi aikin ido ne, kuma ba dole ne ɗaya ya jira ɗaya ba. A bidiyo na biyu muryar Kawu tana cewa "Assalamu alaikum" a daidai lokacin da hannunsa ya riga ya lanƙwasa takalmin a gaban kamara. Mai sauti ya samu gaisuwarsa, marar sauti ya samu abin kallo. Wannan kaɗai ya isa ya sa na fi karkata ga hanya ta biyu a ƙananan kaya, domin tana iya ɗaukar murya a kanta, ita kuwa ta farko in aka cire mata murya babu abin da ya rage.

Kafin mu ɗauki na biyun ban taɓa kamara ba sai da na zauna da Kawu a kan benci na tambaye shi abin da masu saye suke yi in sun zo rumfa. Ba abin da suke faɗa ba, abin da hannunsu yake yi. Ya ce duk wanda ya san takalmi, yana ɗauka sai ya lanƙwasa shi ya ga ko fatar za ta tsage ko ta yi fari a wurin. Sannan ya kifa shi ya duba ƙasan, ɗinki ne ko gam aka manna. Sannan ya leƙa bayan madaurin, domin fata ta gaske bayanta yana da gashi-gashi, ta roba kuwa yadi ake gani a bayanta. Bayan nan ne yake sa ƙafa, sai a ƙarshe ya ce nawa. Shi ke nan tsarin bidiyon ya fito da kansa, ba mu ƙirƙiri komai ba. Na rubuta shi a bayan takardar rasit, daƙiƙa 24 a hoto shida.

Daga farko zuwa daƙiƙa 3, hannu biyu sun riƙe takalmin kusa da kamara, sun ninke shi biyu sun saki, ya koma yadda yake. Rubutun da ke kai: "Fatar saniya ce, ba roba ba". Daga 3 zuwa 7 an kifa shi, yatsa yana bin layin zare a gefen ƙasan, rubutu yana cewa "An ɗinke ƙasan da hannu". Daga 7 zuwa 11 an juya madauri ana nuna bayansa, da kalmomi uku, "Duba bayan fatar". Daga 11 zuwa 16 ƙafa ce sanye da shi tana tafiya taku huɗu a kan siminti, rubutu "Lamba 40 zuwa 45". Daga 16 zuwa 20 kala uku a jere a kan tabarma, "Baƙi, ja, ruwan ƙasa". Huɗun ƙarshe takalmi ɗaya a ajiye ba motsi, da farashi da wuri: "₦18,000, Tudun Wada, Zariya", a ƙasansa "Ana aikawa a mota".

Hoton farkon nan shi muka fi ɓata lokaci a kai, sau tara muka ɗauke shi. Abin da ake so shi ne motsin ya riga ya fara a ƙiftawar farko. In ka danna ɗauka sannan hannu ya shigo daga gefe ya lalubi takalmi, ka zubar da daƙiƙa ɗaya da rabi a kan tabarma wayam. Sai ka ɗauka da tsawo, in ka zo gyara ka yanke gaban har zuwa inda takalmin ya fara lanƙwasa. Haka kuma kada ka buɗe da baƙin allo da ke washewa a hankali, ko tambarin shago yana juyawa. Ban da ɓata lokaci, a wurare da yawa hoton farko shi ne ke zama fuskar bidiyon kafin a danna shi, kuma ba wanda ke danna baƙin murabba'i. Inda aka ba ka damar zaɓen fuskar da kanka, zaɓi wadda kayan suka cika tsakiya.

An yi muhawara a gidanmu kan ko farashi ya kamata ya zo farko. Ƙanwata, wadda take sayar da mayafai, ita tana sa kuɗi a daƙiƙar farko kuma yana yi mata aiki, saboda abin da take tallatawa shi ne araha. Takalmin Kawu ya fi na roba da ake zubawa a kasuwa tsada nesa ba kusa ba. In ₦18,000 ya fito kafin mutum ya ga ɗinkin da bayan fatar, sai ya ce an cika tsada ya wuce. Don haka ƙa'idar da nake bi ita ce, in arahar ce ƙarfinka ka buɗe da ita, in inganci ne ka buɗe da hujjarsa kuɗi ya biyo baya. Amma kada a ɓoye shi gaba ɗaya da sunan sai an zo an tambaya. Mutane da yawa suna jin nauyin tambaya su kasa saye, sai su ƙi tambayar.

Yanzu batun rubutun, wanda a nan ne hanyoyin biyu suka fi nisa da juna ta fuskar wahala. In Kawu ne yake magana a gaban kamara kuma ana so marar sauti ya fahimta, dole a rubuta duk abin da ya faɗa, layi bayan layi, a daidai lokacin da yake faɗa. Na ƙirga bayaninsa na rabin minti, kalma kusan saba'in ce. Sai da na raba ta gida goma sha uku, kowane gida na ja shi a kan layin lokaci har ya dace da bakinsa, aikin da ya cinye mini yammaci guda. Da na gama na kalla ba sauti, sai na lura idona bai bar rubutun ba ko sau ɗaya. Ina gama karanta wannan wani ya fito. Takalmin yana hannunsa amma ban kalle shi ba. A hanya ta biyu kuwa duk rubutun bai wuce kalma talatin ba, kuma kowane layi yana zaune daƙiƙa uku zuwa biyar, ido ya karanta ya koma kan kaya.

Lissafin zaman rubutu ba shi da wuya. Masu rubuta fassara a ƙasan fim suna aiki ne da harafi kamar 15 zuwa 20 a kowace daƙiƙa, kuma ba sa wuce layi biyu a lokaci guda. "Fatar saniya ce, ba roba ba" harafi 27 ne in an haɗa da tazarar tsakanin kalmomi, wato daƙiƙa biyu a karatun mai sauri. Na ba shi uku, domin mai kallo ba karatu kaɗai ya zo yi ba, kuma da yawa cikin masu sayenmu sun fi saurin karanta wani abu daban a kan Hausar boko. Abin da nake yi in gwada shi ne in karanta layin a fili sau biyu ba gaggawa. In ya ɓace kafin in gama, ko dai in ƙara lokaci ko in rage kalma, kuma rage kalma ya fi. Ƙa'idar harafi 42 a layi da za ka ji ana ambata ta allon talabijin ce mai faɗi. A bidiyon tsaye na waya, in rubutun ya yi girman da za a karanta shi ba tare da an matso da ido ba, layi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da harafi ashirin da 'yan kai, don haka jimlarmu ta farko layi biyu ta zama.

Akwai kuma zaɓi na biyu a cikin zaɓin: rubutun nan a jikin hoton za a manna shi, ko a fayil daban za a ɗora shi? YouTube da Facebook suna karɓar fayil na rubutu mai suna SRT, wanda bai wuce lokaci da kalmomi ba, kamar haka:

```
1
00:00:00,000 --> 00:00:03,000
Fatar saniya ce,
ba roba ba

2
00:00:03,000 --> 00:00:07,000
An ɗinke ƙasan da hannu
```

Amfaninsa shi ne kana iya gyara kuskure ba tare da ka sake haɗa bidiyo ba, kana iya sa na Hausa da na Turanci mai kallo ya zaɓa. Ga dogon bayani na mai magana, wannan ne ya dace. Amma bidiyon kaya ba ya zama inda aka sa shi. Wani zai sauke ya tura wa yayansa a Jos ta WhatsApp, wata ta sa a nata Status, kuma fayil ɗin ba ya bin sa, bidiyon zai isa can tsirara. Ko a inda aka ɗora shi ma, mai kallo yana iya kashe shi, kuma ba kai ke zaɓen girmansa ko inda zai zauna ba. Saboda haka a talla ta daƙiƙa ashirin da 'yan kai ni mannawa nake yi a jikin hoto, da CapCut ko InShot ko duk manhajar da hannu ya saba da ita. Rubutun da manhaja ke fitarwa da kanta daga murya kuwa, na gwada a wata manhaja sau ɗaya da maganar Kawu, abin da ta rubuto ba Hausa ba ne ba Turanci ba, sai da na goge na rubuta da hannu.

Mannawa tana da nata ciwon, kuma mun ɗanɗana. Bayan 'yan makonni kuɗin fata ya tashi, Kawu ya ƙara farashi, ga tsohon bidiyo yana yawo da ₦18,000 a goshinsa. Wani ya zo har rumfa da wayarsa a hannu yana cewa ai ga abin da kuka rubuta. Kawu ya sallama masa a tsohon kuɗi don kunya, ni kuwa na sha harara. Tun daga nan nake yin abu biyu. Ina ajiye bidiyon da ba rubutu a kansa, kuma ina ware farashi a hoton ƙarshe shi kaɗai, da watan da aka sa shi a ƙasansa da ƙaramin rubutu. In kuɗi ya canja, hoton ƙarshen kawai nake sakewa.

Sai haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ba kowane salon rubutu da ke cikin manhajojin gyaran bidiyo ne yake da su ba. In babu, ko dai ka ga murabba'i a madadin harafin, ko ka ga harafin ya fito siriri a tsakiyar kalma mai kauri kamar baƙo a cikin dangi. Alamar naira ma haka take yi. Mafita ta sauƙi da mutane ke bi ita ce cire ƙugiyar, to amma ka duba layinmu na biyar: in ka rubuta "baki" a madadin "baƙi", ka bar mai karatu da aikin tantance kala ce ko bakin takalmi. "Kasan" da "ƙasan" ma haka. A hira ta waya ana wucewa, amma a rubutun da ke da daƙiƙa uku kacal, duk ɗan tuntuɓe asara ce. Gboard, manhajar rubutu ta Google a waya, yana da allon rubutu na Hausa mai haruffan nan, kuma salon Noto Sans da Andika suna ɗauke da su. Kafin ka zaɓi salo, rubuta "ɓ ɗ ƙ ƴ ₦" ka gani da idonka ko duk sun fito da kauri ɗaya.

Inda rubutun zai zauna ma sai an yi masa shiri tun wurin ɗauka. Bidiyon tsaye ma'auninsa 9:16 ne, wato 1080 a faɗi 1920 a tsawo, amma ba duk filin nan ne naka ba. A Reels da TikTok sunan shafinka da bayaninka suna rufe ƙasa, maɓallan so da sharhi suna gefen dama, sama kuma akwai nasu rubutun. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, yana ba masu talla a Reels shawarar su bar kimanin kashi 14 cikin ɗari a sama, kashi 35 a ƙasa, da kashi 6 a kowane gefe ba tare da rubutu ba. Kashi 35 na 1920 ya kai 672, fiye da sulusin allon ke nan. Wanda ya saba ganin fassara a ƙasan fim yakan kai rubutunsa can ƙasa, ni ma haka na yi a karon farko, farashin ya shige ƙarƙashin sunan shafinmu. Wurin da ya fi aminci shi ne ɗan sama da tsakiya, kaya kuma a tsakiya zuwa ƙasa kaɗan. Wannan yana da wani amfanin, domin a jerin kaya sau da yawa ana datse sama da ƙasa a mai da hoton murabba'i ko 4:5, kuma abin da ke tsakiya ne kawai ke tsira. A nan ma hanyar mai magana tana da matsi: fuska tana son sama, kaya suna son tsakiya, rubutu mai layi biyu yana neman wuri, sai ka ga ya hau kan takalmin da ake talla.

Farin rubutu mai kauri a kan baƙin zirin da aka ɗan dusashe shi ne bai taɓa ba ni kunya ba. Rubutu mai lanƙwasa irin na katin biki yana da kyau a wayarka, amma dandalin zai matse bidiyon don ya rage nauyi, kuma siraran layuka su ne ke fara narkewa. Hanyar ganewa ita ce ka tura wa wata waya ta WhatsApp, musamman tsohuwa mai ƙaramin allo, ka fita da ita rana ka karanta. Tsawon kuma, ko da yake WhatsApp ya ƙara iyakar Status daga daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya a 2024, ban ga dalilin cike minti a kan takalmi ba. Gajere ya fi saurin buɗewa inda sabis ke rawa, kuma mai data ta ɗari biyu yana lissafi.

Ta fuskar ɗauka, hanyar hannu ta fi sauƙi a gari irin namu saboda dalili ɗaya babba, wato hayaniya. Rumfar Kawu tana bakin titi, babura da Keke Napep ba sa yankewa, maƙwabcinsa mai walda ne, in an ɗauke wuta kuma janareto ya karɓa. Bidiyon magana a nan sai da makirufo na maƙalawa a wuyan riga, ko a jira sassafe. Na hannu kuwa mun ɗauke shi da hantsi a bakin zauren gida, inda haske ke shigowa ta gefe ba rana kai tsaye ba, muryar kuma muka naɗe ta da dare a cikin ɗaki muka ɗora. Kafin ɗauka a goge gilashin kamara, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke sa komai ya yi hazo. A danna yatsa a kan kayan a riƙe har wayar ta kulle haske da saiti, in ba haka ba duk sanda hannu ya motsa hoton zai riƙa duhu yana haske, kuma jan takalmi ya koma ruwan goro. Kala da ta saɓa ita ce kan gaba wurin jawo "ba wannan na gani ba". In dole sai a ƙarƙashin ƙwan lantarki za a ɗauka kuma ka ga zane-zane suna gudu a hoton, wutarmu mai bugu 50 a daƙiƙa ce ke karo da kamara mai ɗaukar hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, sai ka mai da ita 25 ko 50 in wayar ta yarda.

To yaushe ne tsayawa gaban kamara ya fi? Lokacin da abin da mai saye ke shakka ba kayan ba ne, kai ne. Mai sayar da waya ta hannu, ko babur, ko fili a Danmagaji, ko mai karɓar kuɗin ɗinkin babbar riga da ba za a gama ba sai bayan wata biyu, duk waɗannan cinikin biri a sama ne ga wanda yake nesa. Yana so ya ga fuska, ya ga shago da alamar titin da zai iya zuwa ya same ka in magana ta tashi. Haka ma kayan da ido ba ya iya tantancewa, kamar turaren wuta ko zuma, inda shaidar mai kaya ce jarin. Kuma in yawancin masu sayenka ba su saba da karatun boko ba, dattawa ko mutanen karkara da saƙon murya ne hanyarsu, murya ce uwa rubutu ɗan rakiya. Ko a nan ɗin, kayan su kasance a hannu tun hoton farko, da layi ɗaya a sama da ke faɗin abin da ake sayarwa da garin, don marar sauti ya san ko ya cancanci ya buɗe. A ɗaya ɓangaren kuma, matan aure da yawa da ke sana'a a cikin gida a Birnin Zariya ba sa son fuskarsu ta yi yawo a wayoyin mutane, kuma hanyar hannu ta ba su damar talla ba tare da wannan ba.

Yadda za ka gane inda bidiyonka ya gaza, kada ka dogara da yawan waɗanda suka gani a Status, wannan yana nuna an buɗe ne kawai. Inda dandali ke nuna zanen yadda masu kallo ke raguwa, dubi siffarsa. In ya faɗi ƙasa warwas a daƙiƙa biyu ukun farko, buɗewar ce ba ta riƙe ba. In ya riƙe sannan ya zube a wani wuri a tsakiya, je ka kalli hoton da ke wurin, yawanci ya yi tsawo ko rubutu ya yi yawa. Amma abin da ya fi gaya mini gaskiya shi ne tambayoyin da ke shigowa. Bayan bidiyon farko saƙonni "nawa ne?" da "a ina kuke?" suka fi yawa, alhali Kawu ya faɗi duka biyun da bakinsa, wato ba a ji shi ba. Bayan na biyu tambayar ta koma "akwai 43 a baƙi?" da "nawa ne kuɗin mota zuwa Abuja?"

Kafin in saki kowane bidiyo yanzu, ina kashe sautin in miƙa wa wanda bai san kayan ba, ya kalla sau ɗaya tak, in karɓe wayar in tambaye shi mene ne ake sayarwa, nawa ne, a ina. Ran da na gwada da gwaggona ta amsa biyun farko, na ukun ta ce, "Ɗan nan, ai rubutun ƙarshen ya gudu kafin in kai ƙarshensa." Layi uku ne a daƙiƙa huɗu. Na cire "Ana aikawa a mota" na mai da shi kan hoton kalolin, na bar kuɗi da unguwa su kaɗai, na ƙara musu daƙiƙa ɗaya, bidiyon ya koma 25.